Sunan sabon turare: Fara, Raɓa, Gimbiya ko Fure?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan sunan da zan raɗa wa turaren da nake haɗawa a nan Kano. Farar humra ce da turaren wuta, kuma zuwa yanzu a kwalabe marasa suna nake sayarwa, masu saye suna cewa turaren Maman Ilham kawai. Yanzu ina so in buga takardar manna wa kwalba, in kuma nemi rajistar NAFDAC, saboda masu sari sun fara ɗauka suna kaiwa Legas da Maiduguri da Maraɗi, akwai kuma wata baiwar Allah da take kaiwa Injamena. Sunaye huɗu na ware. Na farko Fara, saboda humrar fara ce. Na biyu Raɓa, saboda ƙamshin yana da sanyi irin na asuba. Sai Gimbiya, sai kuma Fure. Zuciyata ta fi kwanciya da Raɓa, amma mai gidana ya ce kada in kai wa mai buga takarda sai na tambayi waɗanda suke jin wasu harsuna, tunda kayan ba a Kano kaɗai za su tsaya ba. Don Allah wanda yake da masaniya ya taimaka.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ya kawo kasuwa. Ni a ganina ki sa sunan 'yarki kawai ki huta, domin turare idan ya yi kyau shi yake sayar da kansa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki tabbatar farcen da kike sawa a haɗin humrar ya wanku sosai ya soyu, domin shi yake ɓata wa mutane humra da ƙarni bayan wata biyu. Kuma ki nemi kwalba mai murfi mai kyau.

Maman Ilham: Na gode Anti, ta wajen haɗi alhamdu lillahi babu matsala. Na yi tunanin sunan Ilham, sai na ga shaguna da kayan kwalliya masu wannan suna sun yi yawa, shi ya sa nake neman wani.

Malam Habu: Hajiya, Allah ya taimaka. Na yi shekaru ina aikin tsara tallace-tallace da takardun manna wa kaya, don haka bari in fara da wanda kika fi so, domin shi ne ya fi ba ni tsoro. Raɓa suna ne mai daɗi a baki, amma duk daɗinsa yana rataye ne a kan lanƙwasar da ke kan harafin ɓ. Wannan lanƙwasa ba za ta bi ki ko'ina ba. Sunan shafi a Instagram ba ya karɓarta, wayoyin masu saye da yawa ba su da harafin, nau'o'in rubutu masu ado da ake so a jikin kwalbar turare galibinsu ba su da shi, kuma ma'aikacin da zai cika takardar rajista b zai danna ya wuce. Abin da zai rage a rubuce shi ne Raba. To ki duba su wane ne manyan masu sayen humra: amare da iyayen amare da masu haɗa lefe. Uwar da take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ba za ta so ta sa kwalbar da aka rubuta wa Raba a ciki ba, ko da ba ta da camfi, kuma kishiya mai neman magana ta sami abin faɗa. Ba sai an je wani harshe ba, a Hausarmu ma sunan ya karye.

Fara kuma tana da irin wannan ciwo ta wata fuska. A baki muna bambanta farar mace da farar da ake soyawa da yaji da kuma fara aiki, domin tsawon wasali da karin sauti sun bambanta, amma a boko duk rubutu ɗaya ne. Mai karatu shi zai zaɓi wadda ta fara zuwa masa, kuma idan ya ga kalmar ita kaɗai a jikin kwalba, babu wata jimla da za ta nuna masa hanya, ina kyautata zaton ƙwaron zai fara tunawa.

Hajiya Falmata: Malam Habu ya yi gaskiya, kuma zan ƙara a kan Fara tunda kin ambaci Maiduguri da Injamena. A Larabci fa'ra ita ce ɓera mace, kuma a bakin masu magana ta yau da kullum hamzar tana faɗuwa, a ja wasalin, ya zama faara. Wanda ba Bahaushe ba idan ya ga Fara a rubuce zai ja wasalin farko ne. Matan Shuwa da na Chadi da na Sudan su ne suka fi kowa sanin humra, daga wajensu ma muka same ta, kuma su ne waɗanda idan suka yaba turare sauran mata suke bi. Ba na so ki kai musu kwalbar da za su riƙa dariya kafin su buɗe murfi. Ki cire wannan tun yanzu ƙanwata.

Usman Agege: Salamu alaikum. Wannan magana ta tuna mini da labarin da aka koya mana a darasin kasuwanci, na motar Chevrolet Nova da aka kai ƙasashen da ake Sifaniyanci ta ƙi sayuwa, saboda no va a harshensu yana nufin ba ta tafiya. Don haka duk sunan da za a zaɓa a duba shi a ƙamus na manyan harsunan duniya, Turanci da Faransanci da Sifaniyanci da Sinanci da sauransu. Ni ina ganin Fure ya fi, domin gajere ne kuma yana kama da sunayen turarukan waje.

Malam Habu: Malam Usman, darasin da aka so koya muku daidai ne, amma labarin kansa ba haka ya faru ba. Motar ta sayu a Meziko da Benezuwela da sunanta, kuma a Meziko har man fetur an taɓa sayarwa da sunan Nova. Mai jin Sifaniyanci yana bambanta su, domin a Nova nauyin furuci yana kan gaɓar farko, a no va kuma yana kan ta ƙarshe. Misalin da ya tabbata shi ne na Mitsubishi Pajero, wadda aka mayar Montero a Sifen da yawancin ƙasashen nahiyar Amurka saboda kalmar batsa ce a can. Bambancin labaran biyu shi ne abin da nake so Hajiya ta riƙe. Na farko wani ne da ba ɗan harshen ba ya zauna ya yanka kalma biyu ya ƙago matsala. Na biyu kuwa duk ɗan harshen da ya ji sunan zai yi murmushi nan take. Ƙamus yana iya ba ka matsalar da babu ita, kuma yana iya ɓoye maka wadda take akwai, domin zagi da maganar 'yan tasha da habaicin mata ba kasafai suke shiga ƙamus ba.

Sannan ba na ganin amfanin ta wahalar da kanta da Sinanci ko Sifaniyanci. Harsunan da za ta duba su ne na hanyar da kwalbar take bi: Hausa da karorinta, Turanci irin na Najeriya da Turancin buroka, Yarabanci saboda Legas, Ibo saboda su ne suke riƙe da shagunan kayan shafa da yawa, Barbarci da Larabcin Shuwa saboda Maiduguri da Injamena, Faransanci da Zabarmanci saboda Nijar, da Fillanci. Waɗannan ma sun isa aiki.

Alhaji Isufu Maraɗi: Gaisuwa ga jama'a. Ni mai sari ne, ina ɗaukar kaya daga Kano ta Jibiya zuwa Maraɗi, wani lokaci har Yamai, don haka bari in gaya muku yadda ɗan boko a wajenmu zai karanta sunayen nan. Yaranmu da Faransanci suka koyi karatu, ko da Hausa suke yi a gida, idonsu da ƙa'idar Faransanci yake kallon haruffa. Ku dubi yadda aka rubuta garuruwanmu: Tawa ta zama Tahoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Wato sautin u da ou ake rubuta shi, sautin c kuma da tch.

To Fure, wanda Malam Usman ya zaɓa, shi ne ya fi shan wahala. Harafin e na ƙarshe ba a furta shi a Faransanci, u kuma wani siririn sauti ne da babu shi a Hausa, don haka sunan zai koma gaɓa ɗaya da babu wanda zai danganta ta da furen itace. Mai Turanci ma ina jin haka zai yi, ya haɗiye e ɗin, ya karanta shi kamar pure ko cure. Ga kuma mu nan yamma, daga Sakkwato zuwa Maraɗi da Tawa, hure muke cewa, kamar yadda muke cewa hwara a maimakon fara. Wannan ba aibi ba ne a magana, amma idan mace ta ji sunan a bakin ƙawarta ta je neman shafin da h, ba za ta same shi ba.

Gimbiya kuma, g idan ya zo kafin i a Faransanci yana komawa kamar j, sai ka ji an ce Jimbiya. Maganinsa a wajenmu shi ne a rubuta Guimbiya, amma na san idan aka kai wannan rubutun Kano ko Legas za a ce Gwimbiya. Sai dai ni wannan bai dame ni sosai ba, domin kalmar sananniya ce, Bahaushiya ko ta ina ta karanta za ta gane abin da ake nufi ta gyara da kanta.

Hajiya Falmata: Alhaji, a kan Gimbiya akwai abin lura ta wajen rubutun Larabci, domin turare a wajenmu idan babu rubutun Larabci a jikinsa mata suna ganin kamar bai cika ba. Daidaitaccen Larabci ba shi da harafin g. A ajaminmu da gainun ake rubuta shi, mutanen Sudan da Chadi da ƙafun suke rubutawa, Misirawa kuma da jimun. Idan mai tsara takarda ya sa jimun, mafi yawan Larabawa za su karanta abin da ya yi kusa da jambiya, wato wuƙar nan mai lanƙwasa da mutanen Yaman suke ɗaurawa a ƙugu. Idan za a yi, a sa ƙafun tunda Injamena za a kai, kuma a ba wa ɗan can ya karanta kafin a buga, kada a bar wa yaron shagon buga takarda ya zaɓa.

Barista Nafisa: Assalamu alaikum. Bari in shigo ta fuskar doka a taƙaice, domin tana iya kashe suna ko da ya tsallake duk harsunan nan. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC daban take da rajistar alamar kasuwanci, kuma mutane da yawa suna ɗauka ta farko ta wadatar. Alamar kaya ana yi mata rajista ne a ofishin rajistar alamomi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, kuma NAFDAC tana neman shaidar wannan rajista idan za a yi wa kaya lamba da sunansu. Turare da turaren wuta suna aji na 3 a rabe-raben kaya. Abu na farko shi ne a yi bincike a wannan aji a ga ko wani ya riga ki, ko yana da suna mai kama da naki a ido ko a kunne. Idan an karɓa ana buga shi a mujallar ofishin, a ba da wata 2 ga mai ƙorafi, rajistar farko tana yin shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14.

Doka ta fi son ƙagaggiyar kalma, ko kalmar da ba ta bayyana siffar kayan kai tsaye. Fara tana bayyana launin humrar, Fure kuma yana kusa da bayyana abin da ake yin turare da shi, don haka ko an yi musu rajista kare su zai yi wuya. Gimbiya ba ta da wannan matsala, amma tata matsalar ita ce yawan masu amfani da ita a kayan mata, kuma zan yi mamaki idan bincike ya dawo babu kowa a kanta. Sannan rajistar Najeriya ba ta aiki a Nijar da Chadi. Su suna cikin OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai rajistar alamomi da ke da hedkwata a Yawunde, wadda rajista ɗaya a cikinta take rufe ƙasashe 17, har da Kamaru da Binin da Togo, na tsawon shekara 10.

Maman Ilham: Innalillahi, ashe duka huɗun suna da tabo. Na gode ƙwarai, musamman a kan Raɓa, domin har na sa an fara zana mini tambari. To Malam Habu, idan na zo da sababbin sunaye, yaya zan gwada su da kaina ba tare da na dawo na dame ku kowane lokaci ba?

Malam Habu: Babu damuwa Hajiya. Gwaji uku nake yi, kuma babu wanda yake buƙatar kuɗi sai katin waya da haƙuri. Amma kafin su, ki nemi mutanen da suka dace: kamar mutum 5 zuwa 8 a kowane harshe, mafi yawansu mata masu sayen turare, a haɗa da matasa da manya. Kada ki sa 'yan gidanku ko ƙawayenki na kusa, domin sun san wanda kike so, kuma kunya za ta sa su yaba.

Na farko shi ne na ido zuwa baki. Ki rubuta sunan da haruffa zalla, babu lanƙwasa, babu hoto, babu bayani, ki tura wa mutum ki ce ya karanta ya turo miki da muryarsa. Kada ki furta masa tukuna, domin da zarar ya ji daga bakinki gwajin ya lalace. Idan muryoyin suka dawo da furuci iri uku ko huɗu, to sunan zai rarrabu a kasuwa. Bayan ya karanta sai ki tambaye shi abin da ya fara zuwa masa a rai. Kada ki ce masa ya yi daɗi ko bai yi ba, kowa zai ce ya yi. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: da a ce wani shaƙiyyin yaro zai yi wa sunan nan ba'a a harshenku, me zai ce? Da wannan tambaya mutum yake samun damar faɗin abin da yake jin nauyin faɗa, musamman idan batsa ce. Ya fi kyau mace ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji. Wannan yana da muhimmanci a Yarabanci da Ibo, inda karin sauti yake juya ma'ana fiye da yadda yake yi a Hausa. A Ibo akwa tana iya zama ƙwai ko tufafi ko kuka ko gado, a Yarabanci kuma rubutun oko idan babu alamomi yana iya zama gona ko miji ko mota ko fartanya, har da wata ma'ana da ba a faɗa a cikin jama'a.

Na biyu shi ne na kunne zuwa hannu, kuma a ganina ya fi na farko nauyi, domin turaren mata a bakin ƙawa yake yaɗuwa, a gidan biki ko a waya. Ki kira wasu mutanen daban, waɗanda ba su ga rubutun ba, ki faɗi sunan sau ɗaya a cikin magana, ki ce su rubuto miki shi. Idan da hali a yi lokacin da suke kasuwa ko cikin hayaniya. Sai ki ɗauki duk rubutun da suka turo, har da na kuskure, ki sa a wurin nema na Instagram da Facebook da Google ki ga abin da yake fitowa. Abin da mai saye zai gani ke nan ranar da ya neme ki.

Na uku shi ne na tunawa. Ki karanta wa mutum sunaye biyar, naki biyu da wasu uku na cike gurbi, ki bar shi. Bayan kwana uku ki kira ki ce, sunayen turaren nan da na faɗa miki, wanne kike tunawa? Kada ki ba ta zaɓi ta ɗauka, domin gane suna idan an ji shi abu ne mai sauƙi, fito da shi daga ka a gaban mai shago shi ne aikin. Kuma ki riƙa sauya jerin daga mutum zuwa mutum, saboda na farko da na ƙarshe a jeri sun fi zama a ƙwaƙwalwa ko da ba su fi kyau ba.

Wajen ƙago sababbin kuwa, ki nemi gaɓa biyu ko uku, kowace baƙi da wasali, da haruffan da duk harsunan nan suke karantawa iri ɗaya, irin su m, n, l, d, b, t, k, da wasulan a, i, o. Ki guji ƙ, ɗ, ɓ, ts da c. Ko z ma ki lura da shi, domin babu shi a Yarabanci, wasu za su mayar da shi s.

Usman Agege: Na karɓi gyara a kan motar, Malam. Amma ina da ja a kan wannan ƙa'ida ta ƙarshe. Idan aka bi ta, duk sunan da yake da ɗanɗanon Hausa an fitar da shi ke nan, sai a bar mu da sunaye marasa gida. A nan Legas Yarabawa da Ibo suna sayen kilishi da suya da sunansu, kuma masu sayen humra suna saye ne saboda ta arewa ce. Ni ina ganin ɗan wahalar furuci ma wani lokaci talla ne.

Malam Habu: Maganarka tana da ƙarfi, kuma ban ce a gudu daga Hausa ba. Amma ka lura kilishi da suya duk sun bi ƙa'idar da na faɗa, babu harafi mai lanƙwasa a cikinsu, tsire kuwa, wanda shi ne sunan da muka fi kiransa da shi, bai yi nisa a kudu ba. Kasuwa takan sassaƙe sunan da ya yi mata nauyi. Macleans ya zama makilin a bakinmu har ya koma sunan duk man goge baki. Bint El Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920, iyayenmu Bintu Sudan suke ce masa. Waɗannan sun rayu saboda ba su da abokan hamayya da yawa a lokacinsu, kuma babu wanda yake buƙatar rubuta sunan kafin ya saya. Hajiya kuwa rabin cinikinta a waya yake.

Hajiya Falmata: Wani abu kuma da ban ji an taɓo ba. Idan kika juya ga sunayen Larabci, ki guji sunayen Allah da kalmomin da aka san su da ayoyi, domin kwalbar turare idan ta ƙare a bola take kwana, wani lokaci ma a banɗaki ake ajiye ta. Akwai mata da yawa da za su ƙi saye saboda wannan kaɗai.

Maman Ilham: Salamu alaikum, na dawo da sakamako. Na cire Fara da Raɓa da Fure, na riƙe Gimbiya, na ƙara da Damina, saboda turaren wutar yana da ƙamshi irin na ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Na yi gwajin kamar yadda Malam ya tsara, Alhaji Isufu da Hajiya Falmata da Malam Usman sun taimaka mini da mutanensu, Allah ya saka musu da alheri. A karatu, Damina ta fito kusan iri ɗaya a bakin kowa, daga Legas har Yamai, Gimbiya kuwa ta rabu kamar yadda Alhaji ya faɗa. A tunawa, Hausawa sun fi riƙe Gimbiya, waɗanda ba Hausawa ba sun fi riƙe Damina. Abin da ya ba ni mamaki shi ne gwajin rubutu, domin waɗanda ba Hausawa ba ne suka rubuta Damina daidai, Hausawa kuwa wasu sun rubuta Damuna, mutanen Alhaji kuma Damana. Da na sa sunan a wurin nema, abin da ya cika shafin shi ne wani fitaccen fasto na Uyo, Abel Damina. Sannan wata 'yar'uwar Hajiya Falmata ta ce a Larabci kunnenta yana jiyo dam, wato jini, kamar an ce jininmu, wata kuma ta ce ita mai lamuni ta ji, kuma ba ta ga aibi ba.

Alhaji Isufu Maraɗi: Hajiya, damana muke cewa tun kakanni, ba za mu daina ba, amma wannan ba zai hana mu ɗaukar kaya ba, domin mai shago ya san abin da ake nufi. Ni dai ina tare da Damina. Manomi da ɗan birni duk suna jin alheri a cikinta.

Anti Bilki: Ni kuwa damina ba ƙamshi take tuna mini ba, sai warin danshi a ɗaki da kayan da suka ƙi bushewa. Lokacin ne ma muka fi kunna turaren wuta don mu kore shi. Gimbiya ta fi kama da abin da amarya za ta so.

Barista Nafisa: Batun faston yana da ɓangare na doka, domin kalmar da ma'anarta ta yau da kullum sunan iyali ce tana iya samun tangarɗa wajen rajista. A nan ana iya kafa hujja da cewa ma'anarta ta yau da kullum lokacin ruwa ce a Hausa, amma hukuncin na mai rajista ne. Shawarata ita ce a shigar da binciken sunayen biyu a aji na 3 lokaci ɗaya, kuma kada a biya kuɗin buga takarda sai sakamako ya fito.

Malam Habu: Sakamakon ya yi amfani Hajiya. Maganar jini ba ta tayar mini da hankali ba tukuna, tunda mutum ɗaya ce ta faɗa kuma sai da ta yi tunani, ba kamar ɓera ba da kowa zai ji nan take. Amma ki ƙara tambayar matan Injamena kamar biyar, ki rubuta musu shi da harafin Larabci yadda zai fito a kwalba, domin idan aka rubuta da dalun babu alifi bayansa zai fi kusa da jinin, idan aka sa alifi zai nisanta. Matsalar nema kuma ana rage ta da kalma ta biyu da za ta riƙa tafiya da sunan ko'ina, misali Damina Humra, a kuma kama sunayen shafi na Damuna da Damana tun yanzu a nuna su zuwa babban shafin. Abin da Anti Bilki ta faɗa shi ne ban san yadda zan auna shi daga nan ba, domin idan matan Kano da yawa danshi suke ji a kalmar, sauƙin furucinta a Legas ba zai rama miki ba. Ki zuba humrar a kwalabe iri ɗaya, rabi da wannan suna rabi da wancan, ki ba masu sarinki biyu na Kano su ajiye a kan teburi ɗaya na wata guda, a ga wadda hannu ya fi zuwa kanta.

Maman Ilham: To Malam, haka za a yi in sha Allahu. Barista, zan turo miki sunayen biyu ta akwatin sirri domin a fara binciken. Hajiya Falmata, don Allah ki haɗa ni da 'yar'uwar taki, ina so ta rubuta mini Damina da hannunta ta hanyoyin biyu kafin in aika Injamena.